A Raba Biyar

Wayoyi uku suka yi ƙara a kan teburin, tawa kuwa ko tari ba ta yi ba.

Mun gama cin kifi ke nan a gidan abincin Iyatu da ke unguwar Abena a Injamena, Lahadin farkon wata, kamar yadda muka saba. Mu biyar ne: ni Abdulgani, da Alhaji Zulkiflu, da Harun, da Idris, da Ilyasu. Tun shekarar da aka karya darajar sefa muke cin abinci tare, muna samari a kasuwar shanu, uku dillalai, biyu mahauta. A lokacin tire ɗaya ne a gindin bishiya, kowa ya jefa tsabarsa a ciki, kullum kuma sai an yi rigimar canji. Da girma ya zo, kowa ya kama harkarsa, sai muka mayar da shi sau ɗaya a wata, a kan kujera, ƙarƙashin fanka.

Rigimar canji ta mutu ne da zuwan manhajar biyan kuɗin nan ta waya. Alhaji Zulkiflu ya kawo mana ita, shi da ba ya barin sabon abu ya wuce shi. Yadda take aiki ba wuya. Mutum ɗaya ne ke biyan Iyatu kuɗin abincin gaba ɗaya daga asusunsa na waya. Daga nan sai ya taɓa wurin rabawa, ya zaɓi sunayen waɗanda aka ci da su, manhaja ta kasa kuɗin daidai wa daida, har da kason shi mai biyan. Sauran kowa saƙo zai shigo masa cewa wane yana neman kaza a wurinka. Ka duba, ka yarda, ka sa lambarka ta sirri, kuɗin ya tashi daga asusunka ya faɗa nasa. Shi kuma a wayarsa yana ganin sunaye a jere, wanda ya biya da wanda ake jira.

Sunan da muka sa wa rukunin namu a ciki shi ne Watanda. Ai kun san watanda: a haɗa kuɗi a sayi sa, a yanka, a kasa naman kashi-kashi, kowa ya ɗauki nasa. Duk wanda ya zuba kuɗi yana da bakin cewa kashinsa ya cika ƙashi. Wanda aka miƙo wa tsoka bai zuba ko sisi ba, wannan sadaka aka ba shi, godiya ce kawai tasa. Shi ya sa ko Idris, mai shan lemo kwalba biyu ya ce ɗaya ya sha, ba mu taɓa ware masa lissafi daban ba. A raba biyar, a yi masa tsiya, a tashi.

To ranar nan ita ce fitowata ta farko bayan wata bakwai. Ciwon sukari ne ya kwantar da ni, aka cire min yatsu biyu a ƙafar hagu. Kuɗin asibiti ya cinye rabona na gidan gadonmu da ke Ridina, na tattara na koma wasu ɗakuna biyu da na taɓa ginawa a Lamaji, can bayan gari inda maƙwabcina na kusa gonar kuɓewa ce. Matata Asma'u ta rasu shekara uku kafin haka. 'Yata Lailatu tana aure a Mundu, ranar Juma'a take kira. Sauran kwanaki shida ni ne da rediyo.

Sun karɓe ni da murna, ba zan yi musu ƙarya ba. Ilyasu ya jawo min kujera, Idris ya tsame min tsokar tsakiya. Da Iyatu ta faɗi kuɗi, Alhaji ya biya, ya ɗan latsa wayarsa, sai ga ta Harun da ta Idris da ta Ilyasu sun yi ƙara kusan tare. Kowa ya sunkuya yana sa lambarsa. Ni ma na zaro tawa na riƙe, ina jira. Na ce ko matsalar rezo ce, wato sabis ɗin waya, don wayar tawa ta tsufa. Alhaji ya ce ai rezo kwanan nan sai haƙuri, ya shiga labarin farashin raguna.

A bayan ɗan kilando, mai babur ɗin haya, na dawo gida, hannuna ɗaya riƙe da ƙarfen babur, ɗaya a aljihu a kan waya, don kada ta motsa ban ji ba. Na isa, na yi la'asar, na ɗora ta a kan taga inda rezo ya fi kamawa. Na kashe na kunna. Saƙon tallan kamfani ya shigo, ka ga ke nan ba rezo ba ne. Sai na tuna abin da idona ya gani a wayar Idris lokacin da ya sunkuya kusa da ni: jaka biyar da ɗari biyu da hamsin, jaka kuwa a wurinmu sefa dubu ce. Iyatu kuwa jaka ashirin da ɗaya ta ce. Ni dillali ne, ko cikin barci aka tashe ni zan raba wannan. An raba huɗu ne. Alhaji ya cire alamar da ke gaban sunana kafin ya aika, manhaja kuma ba ta tambayar dalili, ta ɗora kasona a kan sauran.

Wallahi raina ya ɓaci, ɓacin da ko ranar da likita ya ce sai an yanke yatsun ban ji irinsa ba. Wani zai ce mene ne abin fushi, an ciyar da kai kyauta? To a wurinmu wanda ba a karɓar kuɗinsa a tebur baƙo ne. Baƙo kuwa raɓa ne, ana lallaɓa shi ne don an san zai tafi. Mu da kakanninmu suka taso za su Makka guzuri ya ƙare musu a garin nan, har yau akwai masu kallonmu a matsayin waɗanda ke kan hanya, mun san nauyin kalmar. Wuri ɗaya ne a duk Injamena da na tabbata ni ɗan gida ne, teburin nan. Shekara talatin ina zaginsu suna zagina, yau an wayi gari ni ake tsame wa tsoka.

Washegari na kira Alhaji. Ya yi ta kwana-kwana, wai mantuwa ce, wai yatsansa ne ya goce, daga ƙarshe ya ce don Allah in bar maganar, ai ba komai, mai jinya ba a yi masa lissafi. Na ce masa ƙafata aka yanka, ba aljihuna ba. Ƙarya nake, an yanki aljihun ma, amma wannan ba ruwansa. Ya yi dariya ya ce ya ji, wata mai zuwa zai sa ni.

Ya kuwa sa ni. Wata na zagayowa muka ci, ya biya, wayata ta yi ƙara tare da na kowa, har na ji wani sanyi a ƙirjina. Na buɗe. Alhaji Zulkiflu yana neman sefa ɗari biyar a wurinka. Ɗari biyar! Kuɗin shayi. Ashe manhajar tana da wurin da mai rabo zai bar rabon daidai ya rubuta wa kowa adadinsa da hannu, in dai jimlar ta cika. Ya rubuta min kason yara, ya raba ragowar a tsakaninsu. Ya zaci ya yi dabara, ga sunana a ciki, ga aljihuna lafiya.

Na ɗaga kai, duk huɗun suna kallon wayoyinsu kamar masu karatun allo. Ƙarƙashin saƙon akwai wuri biyu, na yarda da na ƙi. Na danna na ƙi. Nan take wayar Alhaji ta sanar da shi, ya dube ni, na dube shi.  Harun ne ya yi ƙoƙarin kawo wasa, wai Abdulgani ya zama babban mutum, ba ya karɓar ƙaramin ciniki. Babu wanda ya yi dariya sosai. Na ɗauki sandata na fita tun kafin a kawo ruwan wanke hannu na biyu.

Watan nan ya yi min tsawo. Na yi niyyar daina zuwa, na kuma san in na daina babu wanda zai yi mamaki. Za a ce ai ƙafar ce, Lamaji kuma da nisa. Za a kira ni sau biyu, a aiko da lemon zaƙi da salla, shi ke nan. Da rana nakan zauna a bakin ƙofa ina kallon masu kai yashi wurin gine-gine, babu wanda ya san sunana a cikinsu, sai dai su ɗaga hannu su gaishe ni da Larabcin gari, afe, Baba. Kaɗaici ba ciwo ba ne da za ka nuna wa likita wurin, amma yana hana cin abinci.

A zaman bakin ƙofar ne dabara ta zo min. Ai wanda ya biya Iyatu shi ke da wuƙa da nama. Shi ke zaɓar sunaye, shi ke faɗin yadda za a kasa. Alhaji bai gaji wannan kujera ba, riga mu miƙa hannu kawai yake yi. Matsalar ɗaya ce, sai da kuɗin gaba ɗaya a asusunka kafin ka biya, manhaja ba ta san zan cika gobe ba. Ina da tunkiya ɗaya da nake kiwo a bayan ɗaki. Na kai ta kasuwa na sayar da kaina, na ji daɗin cinikin ma, don bakina bai manta aikinsa ba. Na biya wurin mai rumfar zuba kuɗi a waya, na miƙa masa takardu, ya zuba min.

Lahadin ta zo. Na ci kifina ba tare da na bari kowa ya tsame min komai ba. Ana cikin musun ƙwallo na ce zan zaga bayi, na lallaɓa wurin Iyatu. Lambar shagonta tana manne a jikin bango kusa da akwatin kuɗi. Ta ce jaka ashirin da biyu, ta kuma ce Alhaji fa zai yi faɗa. Na ce ya yi. Na sa lambar, na sa kuɗin, na sa lambar sirri, wayarta ta yi ƙara. A nan tsaye, jingine da sanda, na taɓa wurin rabawa, na zaɓi Watanda. Sunaye biyar suka fito, kowanne da alamarsa, ban taɓa ko ɗaya ba. Jaka huɗu da ɗari huɗu kowa, har da ni. Na aika.

Kafin in iso tebur wayoyi huɗu suna kuka. Alhaji ya karanta, ya cire tabarau, ya ce wannan wane irin abu ne.

Na ce, “Watanda ce, Alhaji. In kashinka ya cika ƙashi ka faɗa.”

Idris ya fashe da dariya har lemo ya sarƙe shi. Shi ya fara biya, sai Ilyasu. Alhaji ya yi ta mita, wai taurin kaina ne zai kashe ni ba sukari ba, wai tun muna samari haka nake kamar jakin da ya ga gada. Zagin nan ya fi min kifin daɗi. Daga ƙarshe ya sa lambarsa. Ina kallon wayata, sunaye suna komawa kore ɗaya bayan ɗaya. Na Harun ne kawai bai canja ba. Ya ce wayarsa ba caji sosai, in ya isa gida zai tura. Na ce ba damuwa, ban ma sa abin a raina ba, don ranar ji nake kamar an mayar min da yatsuna.

Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Duk lokacin da na buɗe manhaja, ga shi nan: Harun, ana jira. Harun kuwa mutum ne da ko goro ya ci bashi ba ya kwana da shi. Na kira Ilyasu, tun da teburinsu na nama a layi ɗaya yake a kasuwa, na zagaya na zagaya na tambaye shi lafiyar Harun. Ya ce ashe ban sani ba. A tsakiyar zafin bana wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, firizarsa cike da naman sa biyu da ya ɗauka bashi, duk ya lalace. Tun lokacin bai miƙe ba. Teburin ma yanzu wani ne a kai, Harun yanka yake taya mutane a ba shi na cefane. Ya roƙi 'yan layin kada a faɗa wa kowa, Alhaji ma bai sani ba.

Na ajiye wayar. Ashe wata biyun da aka yi ana tausaya min, Harun na cikin waɗanda aka ɗora wa kasona, ya biya bai ce uffan ba. Ni ina can ina kumburi an hana ni biya, shi yana nan yana ƙirga abin da zai rage a cefanen gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na sake buɗe manhajar na taɓa sunansa. Abu uku ta ba ni. In tuna masa, wato ta sake aika masa saƙo. Ko in soke neman. Ko in sa alamar an biya, wadda aka tanada don wanda ya ba ka kuɗi a hannu. Na daɗe ina kallon na ukun nan. Dannawa ɗaya, sunansa ya koma kore kamar na kowa, ni da Allah kaɗai muka san ban karɓi komai ba. Sai shi, don saƙon neman zai ɓace daga wayarsa, zai kuma san wanda ya ɓatar da shi da dalili. Jaka huɗu ba za ta kashe ni ba. Yatsana har ya sauka kusa. A nan na fahimci Alhaji, na kuma ji haushin fahimtar tasa, don ashe abin da sauƙi yake, kuma daga ciki kama yake da alheri.

Kwana biyu ina buɗewa ina rufewa. In na tuna masa, na matsa wa mutumin da ba shi da shi. In na yafe, na tura shi kujerar da na sayar da tunkiya don in tashi daga kanta. Babu wanda zan yi shawara da shi. Da Asma'u na nan da ta faɗa min a kalma biyu tana tankaɗe. Ranar Alhamis da hantsi na ce bismillah, na danna tunatarwa, na kife wayar a kan tabarma kamar wanda ya jefi wani da dutse ya ɓuya.

Bai kira ba, bai turo ba. Na ce shi ke nan, Abdulgani, ka yi wa kanka, ka rasa aboki a kan kuɗin kifi.

Ranar Asabar wajen azahar ina zaune a bakin ƙofa na hango wani yana tahowa a ƙasa daga bakin titi, yana tsayawa yana tambayar masu gini. Tafiyar na gane kafin fuskar. Harun ne, ƙafafunsa sun yi futu-futu, da alama inda motar haya ta ajiye shi da nisa. Tun da na tare a Lamaji babu wanda ya taɓa tako gidan nan a cikinsu, a asibiti suka yi ta zuwa. Na ce ashe ya san hanya. Ya ce wanda ake bi bashi ai dole ya san gidan mai bin sa.

Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na hura gawayi na ɗora shayi. Muka yi ta zance a kan komai ban da abin da ya kawo shi: tsadar siminti, ƙafata, wani sa mai ƙaho ɗaya da ya taɓa korarmu a kasuwa muna samari. Ya leƙa ɗakunan ya ce wurin ba laifi, sai dai shiru ya yi yawa. Na ce ana sabawa. Ya ce ƙarya nake, na ce e.

Sai da muka sha kofi na biyu ya sa hannu a aljihu ya zaro kuɗi a nannaɗe, takardar jaka ɗaya da 'yan ɗari biyar-biyar da suka sha hannu, ya ajiye a gabana. Ya ce jaka biyu ce. Asusun wayarsa babu komai, shi ya sa ya kawo a hannu. Bai dube ni ba, gawayin yake kallo.

“Na san Ilyasu ya faɗa maka,” ya ce. “Da na ga kwana uku shiru, na ce shi ke nan, Abdulgani ma zai goge. Kullum sai na duba ko saƙon yana nan.”

Na ɗauki kuɗin na ƙirga a gabansa, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa wanda ake ciniki da shi. Na gaya masa manhajar ba ta san rabi ba, ko an biya ko ana jira. In yana so in rufe wannan in aiko masa da sabon nema na abin da ya rage.

“A'a, bar shi yadda yake. Kada ka taɓa sunana.”

“Ba zan taɓa ba. Saura jaka biyu da ɗari huɗu, kuma ko sisi ba zan yafe maka ba.”

Ya ce ya sani, ai tun da can ni mugun dillali ne. Ya sa gefen rawaninsa ya goge fuska, wai hayaƙin gawayi ne. Na ce gawayin nan dama ba shi da kyau.

Da la'asar ta yi muka yi salla tare, na raka shi har inda ƙafata ta iya kaiwa, wajen tulin yashin masu gini na biyu. Ya ce in koma haka nan. Na tsaya ina kallonsa yana tafiya, bai waiwayo ba sai da ya kusa titi, ya ɗago hannu ya yi min ihu daga nesa wai wata mai zuwa shi zai zauna kusa da fanka, in ban so in kai ƙara.